Hoton Takarda Ya Ɓace: Yadda Ake Juya Rubutun Hannu Ba Ƙari Ba Ragi

A gidaje da yawa yanzu, takarda mai muhimmanci ba ta daɗewa a hannu kafin a ɗauke ta hoto. Wasiyyar da tsoho ya rubuta a bayan kalanda, lissafin bashi a fallen littafin makaranta, takardar cinikin gona: da an gani sai a zaro waya, a ɗauka, a tura wa 'yan'uwa. Daga nan hankali ya kwanta, a daina kula da takardar kanta. Ranar da buƙata ta taso sai a tarar takardar ta jiƙe ko ta bi shara, wayar da ta ɗauki hoton kuma an sace ta, ko an kai ta gyara an goge komai. Abin da ya rage, in an yi sa'a, wani ɗan hoto ne dishi-dishi a wayar ƙanwa, wanda aka tura aka sake turawa har ya gaji.

Aiki biyu ne ke gaban wanda ya shiga wannan hali. Na farko neman hoton. Na biyu, wanda ya fi wuya kuma aka fi ɓata shi, juya abin da ke cikin hoton zuwa rubutu mai karantuwa, ta yadda duk wanda ya ɗauki kwafin zai san wace kalma aka gani sarai, wace aka yi hasashe, wace kuma ta gagara.

Neman hoton ba ya son jinkiri. Hoton da aka goge a wayar iPhone yana zama kwana 30 a wurin da aka rubuta Recently Deleted kafin ya tafi gaba ɗaya, haka ma kwandon shara na Gallery a wayoyin Samsung. Idan ta WhatsApp aka tura shi daga wayar Android, sau da yawa yana nan kwance a cikin jakar hotunan manhajar ko da an goge hirar, kuma waɗanda mutum ya tura da kansa suna cikin wata ƙaramar jaka mai suna Sent. A sababbin wayoyi ga hanyar:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/WhatsApp Images/Sent
```

Idan a katin memori hoton yake, a cire katin a daina ɗaukar komai a kansa, domin hoton da aka goge ba ya mutuwa nan take. Gurbinsa ne ake buɗewa, kuma sabon hoto ko bidiyo na iya hawa kai. Akwai kuma inda ba a cika samun nasara ba. Hoton da aka tura da tsarin View once ba ya ajiyuwa bayan an buɗe shi, saƙonnin da aka saita su ɓace da kansu kuma suna tafiya bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Shi ya sa hanya mafi sauƙi ita ce a bi mutane: wa da wa aka tura wa? A nemi wanda ya fara karɓa, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi, kuma wanda ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura ya ƙara rage shi. Wanda aka samu hoton a wurinsa ya turo shi a matsayin Document, saboda ta nan ba a matse shi.

To, an samu hoton, ko an samu abin da ya yi saura daga gare shi. Nan ne aikin gaske yake farawa.

A ɗauki misali irin wanda ke iya faruwa a kowace kasuwar hatsi, daga Dawanau ta Kano har Maraɗi. Wani ɗan kasuwa ya rasu. A aljihun rigarsa an samu falle ɗaya da ya rubuta da biro, a boko, layi bakwai. Babban ɗansa ya ɗauki hoto da dare a hasken tocila, ya tura wa ƙanwarsa. Cikin hidimar zaman makoki takardar ta salwanta, bayan wata biyu wayarsa ta faɗa ruwa. Yanzu za a raba gado, kuma kowa ya san ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, kamar yadda ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka tsara. Hoton wayar ƙanwar shi kaɗai ne shaida. Gefensa na dama ya yanke, akwai tabon mai a layin farko, inuwar hannun mai ɗauka kuma ta sauka a kan wasu lambobi.

Abin da mutane suka saba yi shi ne wani mai saurin karatu ya kalli hoton, ya buga abin da ya fahimta a waya, ya tura wa dangi. Sai saƙo ya fito tsaf, ba tabo ba inuwa: bashin da ake bin Baba, direba dubu 45, da sauransu. Matsalar wannan saƙo ita ce tsaftarsa. Wanda ya karanta ba zai taɓa sanin cewa a hoton lambar farko ta kuɗin direba tana iya zama 4, tana iya zama 9 ba. Shakkar da ke cikin hoton ta ɓace a hanya, kuma idan wannan hoton ma ya salwanta gobe, hasashen mutum ɗaya ya zama maganar mamaci.

Mai juya rubutu da kyau yana farawa da bayanin abin da ke gabansa, tun kafin ya rubuta kalmar farko. Ya rubuta a sama cewa daga hoto ya kwafa, ba daga takardar ba. Wa ya ɗauki hoton da yaushe. Layi nawa ake gani. Ta ina ya yanke. Da ranar da shi ya yi kwafin. Sannan ya sa wa layuka lamba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane layi a inda mai rubutu ya tsayar da shi. Ba ya gyara kuskuren rubutu, ba ya ƙara waƙafi, ba ya cike gajarce. Alamomin da yake buƙata ba su da yawa, kuma duk suna kan madannan kowace waya. Harafi ko lambar da ya gani amma bai tabbata ba, ya sa ta cikin baka mai kusurwa da alamar tambaya, kamar [4?]. Inda ya san akwai rubutu amma bai karantu ba, ya sa ɗigo a cikin bakar, ɗigo ɗaya a madadin kowane harafin da yake ganin gurbin zai ɗauka. Abin da mai rubutu ya soke, ya kwafe shi ya faɗi cewa an soke. Duk wata magana tasa ta shiga cikin baka, kada ta gauraya da ta mai takarda.

Ga yadda fallen ɗan kasuwar zai fito:

1. Bashin da [tabo, gurbin harafi ɗaya]ake bi[hoto ya yanke]
2. Direba [4?]5,000
3. Mai buhu 30,000
4. [an soke: Mai awo 20,000]
5. Kudin daki 60,000
6. Malam na [.....] 1[7?],000
7. Jimla 152,000

Ba shi da kyan gani kamar saƙon farko, amma ya faɗi gaskiyar hoton. Kuma da an rubuta shi haka, sai tambayoyin da ya kamata a yi su fito da kansu.

Lambobin sun fi sauƙi, don haka a fara da su. Hanyar da masana tsofaffin takardu suke bi ita ce su sa hannun mai rubutu ya yi wa kansa shaida. Kowa yana da yadda yake jan 4 da yadda yake jan 9. Wani yana rufe kan 4 ɗinsa har ta yi kama da 9, wani yana barin ta a buɗe. Sai a nemi wata 4 ko 9 da ta fito sarai a wannan falle, ko a wata takarda da aka tabbata shi ya rubuta, kamar littafin shagonsa, a jera su a duba. Haka za a yi wa 7 ta layi na shida, wadda take iya zama 1: shin yana ratsa 7 ɗinsa da ɗan layi a tsakiya, kamar yadda waɗanda suka yi makaranta a Nijar suka saba, ko ba ya yi? Shin 1 ɗinsa tana da ɗan baki a sama?

A wannan falle akwai ƙarin taimako, wato jimla. Idan kuɗin direba 45,000 ne, na Malam kuma 17,000, to 45 da 30 da 60 da 17 sun ba da 152 daidai. Idan aka ɗauki 95,000 jimla ta haura zuwa 202,000. Idan aka ɗauki 11,000 ta sauka zuwa 146,000. Karatu ɗaya ne kawai ya dace da abin da mamacin ya tara da hannunsa. Lissafin ya kuma nuna wani abu: dubu 20 na mai awo ba su shiga jimla ba, wanda ke ƙarfafa cewa sokewar da gangan ce, mai yiwuwa an riga an biya.

Duk da haka ba a cire alamar tambaya daga layi na biyu da na shida. Wannan wuri ne da mutane masu kyakkyawar niyya suke zamewa. Lissafi hujja ce mai ƙarfi, amma hujjar hankali ce, ba ta ido ba. Hoton bai ƙara haske ba don jimla ta yi daidai. Mai rubutu yana iya kuskuren tarawa, kuma hoton da ya yanke a gefe yana iya ɓoye wani abu. Wurin hujjar yana ƙasa, a bayanin mai kwafi: “Layi na 2, na karanta 4 saboda jimla ta dace da haka.” Wanda ya zo daga baya da hoto mafi kyau, ko da takardar kanta, zai san inda zai duba.

Layi na biyar yana koyar da wani abu dabam. Mamacin ya rubuta “Kudin daki”, ba lanƙwasa a kan ko wane harafi, kamar yadda dubban masu rubutun boko suke yi. Kowa ya san kuɗin ɗaki yake nufi. Amma mai kwafi ya bar shi yadda yake, domin rashin lanƙwasar nan bayani ne a kan hannun mai rubutu. Idan a wani layi aka ga “baki”, sanin cewa ba ya sa lanƙwasa shi zai hana a yanke hukunci da wuri, tunda yana iya nufin baki na magana, ko baƙi na launi, ko baƙin da suka zo. Wanda ya gyara na farko a ɓoye ya ɓatar da mabuɗin na biyu.

Sai layin farko, inda nauyin maganar duka yake. Tsakanin “da” da “ake” akwai tabon mai da ya rufe gurbin harafi ɗaya, bayan “bi” kuma hoton ya yanke. Idan akwai harafin n a ƙarƙashin tabon, layin yana cewa “Bashin da nake bi”, wato mutanen nan ne za su biya magada. Idan babu komai a ƙarƙashinsa, kuma abin da ya yanke shi ne “na”, layin yana cewa “Bashin da ake bina”, wato daga dukiyar mamaci za a fitar da dubu 152 kafin kowa ya taɓa gado. Harafi ɗaya ya juya takardar baki ɗaya.

Ana iya auna gurbin, a ga ko ya fi tazarar da yake bari tsakanin sauran kalmomi faɗi. Ana iya duba ma'ana: ɗan kasuwar hatsi ya fi zama mai biyan direba da mai buhu, ba mai karɓa daga gare su ba. Amma kuɗin ɗaki fa? Idan haya yake yi a kasuwa, shi ake bi. Idan shi ke da ɗakunan ajiya yana bayarwa, shi ke bi. Ƙanwar tana iya cewa, “Yaya, ai na gani da idona a lokacin, Baba ake bi.” Maganarta tana da daraja, kuma a rubuta ta, amma da sunan abin da ta tuna, a ƙasan kwafin. Layin farko ya zauna da tabonsa. Warware shi ba aikin mai kwafi ba ne. Aikin dangi ne su je wurin direban da mai buhun su tambaya, su buɗe littafin shago, in ta kama a je gaban alƙali. Kwafin kirki shi ne zai gaya musu cewa akwai abin tambaya.

Wannan ladabi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ko da yake waya ta sa an manta da shi. Malaman hadisi sun tsara shi tun ƙarnoni da suka wuce. Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatai da zaurukan malamai, wanda ya rasu a shekarar 1149, yana da wani littafi mai suna Al-Ilma'u a kan ƙa'idojin riwaya da rubutu, kuma Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya faɗaɗa batun a littafinsa na ilimin hadisi. Idan kalma ta zo a yadda mai karatu zai yi zaton kuskure ce alhali daidai take, sai a rubuta “sahha” a kanta, wato ta inganta. Idan kuma haka aka same ta a asali amma tana da matsala, ba a gyara ta. Sai a ja mata wata alama mai kama da kan harafin sadi a samanta, domin mai karatu ya san an lura. Masu juya littattafai sun kuma saba rubuta “bayad” a inda suka tarar da gurbi fari a littafin da suke kwafa, su sa “la'allahu”, wato mai yiwuwa, a gefen shafi kafin su kawo hasashensu. Bayan an gama kuma a yi muƙabala: ɗaya yana karanta asali, ɗaya yana bin kwafi. Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin rubuce-rubucen hannu irin waɗanda ke ajiye a Gidan Arewa na Kaduna ko a Sakkwato ya ga gefen shafuka cike da irin waɗannan gyare-gyare. Abin lura shi ne hasashe yana gefe, matani yana tsakiya.

Turawa masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucen Girka da Rum sun isa wuri ɗaya ta tasu hanyar. A shekarar 1931 suka haɗu a birnin Leiden na ƙasar Holan, suka amince da alamomi guda domin kowa ya fahimci kwafin kowa: ɗigo a ƙarƙashin harafin da ake shakka, baka mai kusurwa ga abin da ya ɓace aka cike da hasashe, baka ninki biyu ga abin da aka goge tun a da. Har yau da su ake aiki. Mutumin da ke juya takardar mahaifinsa ba sai ya haddace su ba. Ya zaɓi alama uku ko huɗu, ya rubuta ma'anarsu a saman shafi, ya tsaya a kansu har ƙarshe.

Idan takardar da ajami take, hattarar ta ninka, domin abin da hoto maras kyau ya fara cinyewa shi ne ɗigo, kuma ajami a kan ɗigo yake tsaye. Ba da ta da nun da ya, a farko ko tsakiyar kalma, jikinsu ɗaya ne. Ɗigo ne kaɗai ke raba su. A rubutun allo na ƙasar Hausa, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin rubutun gabas inda fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun gabas kaɗai zai karanta ƙaf a matsayin fa ba tare da ya ji wata shakka ba. Rufu'a tana ɗaukar u da o duka, ɗigon imala da ke nuna e kuma ƙura ko kashin ƙuda a kan takarda yana iya kwaikwayonsa. Lambobi ma suna da tarkonsu: shida ta Larabci tana kama da bakwai ta boko, biyar tana kama da sifiri, sifirin kansa kuma ɗigo ne kawai, wanda in ya ɓace a hoto dubu ta koma ɗari. Mayar da ajami zuwa boko ya riga ya zama fassarar sauti, don haka ya fi kyau a yi matakai biyu: a fara kwafe shi da ajami harafi da harafi, sannan a rubuta karatun boko a ƙarƙashin kowane layi.

Kuɗi a tsohuwar takarda ma a bar su da sunan da aka kira su. Naira ta shigo a ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, amma mutane sun daɗe suna lissafi da fam da sule bayan nan. Jaka a Najeriya fam ɗari ce, wato naira 200, a Nijar kuwa jika sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar. Wanda ya ga “jaka 5” ya rubuta “jaka 5”, lissafinsa ya biyo a ƙasa.

Akwai wani abu da waya ta sauƙaƙa wanda yake da haɗari, wato taɓa hoton kansa. Ƙara haske, ƙara duhu, mayar da hoto fari da baƙi, duk suna taimakawa, amma a kan kwafin hoton ake yi, a bar na asali yadda yake. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne bin kan haruffa da alƙalami don su fito. Wani lamari da ya faru a Ostireliya ya nuna dalili. A ranar 1 ga Disamba 1948 aka tsinci gawar wani mutum a bakin teku a Somerton, kusa da birnin Adelaide, ba wata takardar shaida a jikinsa. Daga baya aka gano wata 'yar guntuwar takarda a aljihunsa da aka yago daga littafin waƙoƙin Umar Khayyam, kuma a 1949 wani ya kai wa 'yan sanda littafin da aka yago ta. A bayan littafin akwai layi biyar na manyan haruffan boko da aka rubuta da hannu, sun dusashe sosai, na biyu a soke. Littafin ya ɓace daga baya. Abin da duniya ta gada shi ne hoton da aka bi kan haruffansa don su fito. Har yau ana gardama ko harafin farko na layin farko W ne ko M, kuma babu yadda za a koma a duba, domin abin da ake kallo a hoton hannun wanda ya bi kan rubutun ne, tare da duk hukuncin da ya yanke a ransa yana bi. Masana lambobin sirri na ma'aikatar tsaron ƙasar sun duba haruffan a 1978 ba su fitar da ma'ana ba, wasu kuma sun kwashe shekaru suna gwadawa a kan rubutun da ba a ma tabbatar da haruffansa ba.

Ido ɗaya ba ya isa. Mutum biyu su kwafe hoton, kowa shi kaɗai, ba tare da ɗaya ya gaya wa ɗaya abin da ya gani ba, sannan a haɗa. Dalili shi ne da zarar an ce wa mutum “wannan 4 ce”, idonsa ya daina ganin 9. Inda suka dace ba shakka, a bar shi. Inda suka saɓa, wurin ya cancanci baka da alamar tambaya, ko da kowannensu yana jin ya tabbata. Idan maganar kuɗi ce ko gado, ya fi dacewa ɗaya daga cikinsu ya zama wanda ba shi da kaso, domin mai kaso, ko yana da amana, zuciyarsa tana rinjayar idonsa ba da saninsa ba. Wanda ya san hannun mamacin, kamar yaron shagonsa ko matarsa, yana da amfani ƙwarai wajen gane sunaye da laƙabi. Layi na shida, “Malam na” da haruffa biyar da suka gagara, yaron shago yana iya cewa sunan wata unguwa ce da ya sani. A rubuta a ƙasa cewa shi ya faɗa.

Wani rubutun kuma ba a yi masa hasashe sam. Takardar likita da aka ɗauka hoto, in sunan magani ko adadinsa bai fito ba, ba a sa mata alamar tambaya a tafi kemis. A koma asibitin ko a kira wanda ya rubuta. Haka lambar asusun banki: ɗaya ta yi duhu, duk lambar ta tashi aiki.

Idan kuma hoton bai samu ba ko ta wace hanya, abin da ya rage shi ne tunin waɗanda suka karanta shi. Wannan ma ana rubuta shi, kuma da wuri, tun kafin maganganun gida su sake masa kama. Kowa ya zauna shi kaɗai ya rubuta abin da ya tuna, ya bambanta abin da yake da yaƙini a kai da abin da yake ganin kamar haka ne, ya sa rana, ya sa hannu. A saman shafin a rubuta a fili cewa wannan tuni ne, ba kwafi ba, kuma kada a jera shi layi-layi yadda zai yi kama da takardar asali.

Wani lokaci takardar kanta takan bayyana daga baya, a cikin wani littafi ko a ƙasan akwati. Ranar nan a sake ɗaukar ta yadda ya kamata: da rana, a inuwa mai haske, ba filasha, a shimfiɗe a kan abu mai duhu, wayar a saitin tsakiyarta, gefuna huɗu duka a cikin hoto. A ɗauki bayanta ko da ba a ga rubutu ba. Sannan a haska tocila daga gefe, kusa da fuskar takardar, a ƙara ɗauka. Biro yana barin kwarmi a inda ya bi, kuma hasken gefe yana fito da kwarmin ko a ƙarƙashin tabon mai, wanda a irin fallen ɗan kasuwar nan shi zai nuna ko akwai n ko babu. Sai a dawo kan kwafin a gyara, a rubuta ranar gyaran da dalilinsa, ba tare da an goge tsohon karatun ba. Hoton da kwafin su zauna tare a wayoyin mutum biyu ko uku, a kuma buga su a takarda a ajiye wurin wanda dangi suka amince da shi.